Yadda Ake Bin Sawun Sikila a Cikin Zuri'a

Iyaye da yawa sukan yi mamaki idan likita ya ce jaririnsu yana da sikila, wato amosanin jini, alhali uwa da uba lafiyarsu lau, kakanni ma babu wanda aka taɓa kwantarwa saboda ciwon. Daga nan sai zargi ya tashi, dangin miji su ce daga gidan matar aka kwaso, dangin mata su ce sam. Masana gadon halitta suna da zane biyu masu sauƙi da ke warware wannan gardama. Na farko akwatin Punnett, wanda ke nuna abin da zai iya faruwa a kowane ciki. Na biyu taswirar zuri'a, wadda ke nuna abin da ya riga ya faru a gida.

Kafin a zo ga zanen, sai a san abin da ake gada. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, wato himogulobin, yana da ƙwayar gado da ke tsara shi. Kowane mutum yana ɗauke da biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Lafiyayyar ana kiranta A, mai sikila kuma S. Mai AA bai ɗauko komai ba. Mai AS yana ɗauke da S, amma A ɗin tana rufa masa asiri, yana rayuwarsa kamar kowa. Mai SS shi ne ke fama da ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Wannan ne ake kira jinotaif a asibiti, kuma daban yake da rukunin jini da ake dubawa idan za a yi ƙarin jini. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Dalilin yawan nan shi ne masu AS suna da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka S ta samu gindin zama a ƙasashen da sauro ya yi katutu.

Akwatin ya samo sunansa daga Reginald Punnett, wani masani ɗan Ingila da ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, bisa dokokin gado da Gregor Mendel ya wallafa a 1866. Ana zana murabba'i a raba shi gida huɗu. A sama a rubuta haruffan uba biyu, a gefe a rubuta na uwa, sannan a cike kowane gida da harafi ɗaya daga sama da ɗaya daga gefe. Ga yadda yake idan uba da uwa duk AS ne:

```
     A    S
A   AA   AS
S   AS   SS
```

Gida ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Idan kuwa AA ya auri AS, gida biyu za su fito AA, biyu AS, babu SS ko ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya kashe waccan gardama, domin yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa, ya kuma karɓa daga uba.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne ɗaukar gidajen nan huɗu a matsayin 'ya'ya huɗu. Sai ka ji an ce tunda na fari ya zo da sikila, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, kamar a zuba ƙuri'a huɗu a ƙwarya, a zari ɗaya, a mayar da ita kafin a sake zara. Saboda haka ma'aurata masu AS za su iya haifar 'ya'ya uku a jere duk SS. Haka kuma, idan aka tara irin waɗannan ma'aurata masu 'ya'ya hurhuɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku ba za su ga SS ko ɗaya ba. Don haka kada lafiyar 'ya'yan wani mai AS ta rudi na bayansa.

Taswirar zuri'a kuwa tana da alamomi da aka yi ittifaƙi a kansu. Namiji murabba'i ne, mace da'ira. Layin kwance tsakaninsu aure ne, idan layin biyu ne to auren zumunci ne. 'Ya'ya suna rataye a ƙasa, babba a hagu, ƙarami a dama. Wanda ke da ciwon ana cike alamarsa da baƙi, wanda aka san yana ɗauke da S kawai a cike rabi ko a ɗiga ɗigo a tsakiya, wanda ya rasu kuma a ja masa layi a karkace.

Mu ɗauki misalin saurayi lafiyayye da ake son haɗa shi da 'yar baffansa, ga shi kuma ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya tana da sikila. Karatun taswira daga baƙar alama ake fara shi, a yi sama. Ƙanwar SS ce, iyayenta kuma ba su da ciwon, ke nan dukansu AS ne ko da ba a gwada su ba. Sai a sauko kan saurayin. A akwatin iyayensa, gidan SS ya fita tunda lafiyarsa ƙalau, saura gida uku, biyu daga cikinsu AS. Ke nan yiwuwar yana ɗauke da S biyu cikin uku ce, ba rabi ba kamar yadda ake zato.

Yanzu a koma ɓangaren yarinyar. Mahaifin saurayin ya gaji S daga ɗaya cikin iyayensa, waɗanda su ne kuma iyayen baffa. Idan ɗayansu ne kaɗai ke da ita, yiwuwar baffa ya gada rabi ce, yiwuwar ya miƙa wa 'yarsa kuma rabin wancan rabin, wato ɗaya cikin huɗu. Wannan ta wajen uba ne kawai, ba a lissafa abin da za ta iya ɗaukowa daga mahaifiyarta ba. A nan ake ganin abin da auren zumunci ke yi. Ba shi ke haifar da ciwon ba, sai dai yana ƙara yiwuwar S ɗin kaka ɗaya ta bi hanya biyu ta sake haɗuwa a jikin ɗa ɗaya.

Taswira tana da iyaka. Yaran da suka rasu suna ƙanana a da, galibi ba a san abin da ya yi ajalinsu ba, sai a ce shawara ce ko zazzaɓi, alhali wataƙila sikila ce. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya dole a zana kowane ɗaki daban, domin lissafin 'yan uba ba ɗaya yake da na shaƙiƙai ba. Akwai kuma wata ƙwayar da ake kira C, wadda ta fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Idan AS ya auri AC, gida ɗaya cikin huɗu zai fito SC, shi ma nau'in sikila ne.

Don haka aikin taswira shi ne ta nuna wanda ya fi buƙatar gwaji, gwajin ne ke yanke hukunci. Ana so a yi shi a ɗakin gwaji amintacce, da na'urar da ke rarrabe nau'o'in himogulobin, domin gwajin gaggawa da ke nuna akwai S kawai ba ya bambance AS da SS. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya dakata kamar wata uku, kada jinin wani ya ɓata sakamakon. Idan saurayin nan ko 'yar baffansa ɗaya ya fito AA, babu SS a 'ya'yansu. Idan duk biyun AS ne, ya fi kyau iyaye su sani tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba za ta ɓata zumunci ba.