A daidaita ninki kafin a zana layuka

Na'urar Super Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1990, tana fitar da yawancin wasanninta a hoto mai ɗigo 256 a kwance da layi 224 a tsaye. Talabijin ta zamani kuwa galibi layi 1080 gare ta ko 2160. Idan aka miƙe hoton ya cika allo mai layi 1080, kowane tsohon layi zai buƙaci sababbi 4.82, alhali ɗigon allo ba ya gutsuruwa. Sai na'ura ta ba layuka 184 kauri biyar-biyar, sauran 40 kuma huɗu-huɗu. Ba a cika lura da wannan ba in hoto na tsaye, amma da zarar fage ya fara gangarawa sama ko ƙasa, za a ga tubalan bango suna kumbura suna motsewa.

Maganin shi ne a ninka da cikakkiyar lamba, abin da manhajar RetroArch ke kira `Integer Scale`. Ninki huɗu yana ba da layi 896, a bar baƙin fili na layi 92 a sama da 92 a ƙasa. Masu ƙorafin cewa an yi asarar allo suna da hujja, sai dai akwai mafita: ninki biyar yana kai wa 1120, wato a yanke tsofaffin layuka huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Tsofaffin talabijin ma suna ɓoye gefen hoto, shi ya sa masu zana wasanni ba su cika ajiye abu mai muhimmanci can ba.

Sai an gama da wannan ne ya dace a ɗora matatar da ke zana duhun layuka. Tsohuwar talabijin mai tudun baya tana haskawa layi-layi, kuma na'urorin wasa irin Super Nintendo suna sa ta maimaita gurbi ɗaya a kowane zagaye, tsakanin layukan ya zauna da duhu. Matatar tana kwaikwayon haka ta hanyar dusashe wani sashe na kowane layi. In kaurin layukan bai zo ɗaya ba, duhun ma ba zai zo ɗaya ba, sai ratsi-ratsi masu faɗi su bayyana, musamman a fili mai launi ɗaya irin sararin sama. Duk wanda ya ga haka, ninkinsa ne bai cika ba, ba laifin matatar ba ne.

Ƙorafin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne na faɗi. Ɗigon Super Nintendo ba murabba'i ba ne a tsohuwar talabijin, faɗinsa ya ɗara tsayinsa da misalin 8 bisa 7, don haka ninki iri ɗaya ta kowane ɓangare yana tsuke fuskoki. A nan gara a sassauta: a riƙe cikakken ninki a tsaye, inda layuka ke buƙatarsa, a miƙe faɗin tare da ɗan tausasa gefen ɗigo. In an ɗora matatar, hoton zai kuma rage haske, tunda an dusashe wani kaso nasa, sai a ƙara hasken allon maimakon a rage duhun layukan har su ɓace.