Daga Bakin Malami Zuwa Littafin Bita: Yadda Ake Tace Laccar da Aka Naɗa

A jami'o'i da kwalejojinmu, abu ne da aka saba gani ɗalibi ya ajiye waya a gaban malami ya naɗi lacca, daga baya a zauna a kwafe ta a rubuce, a yi ta turawa tsakanin 'yan aji. Sai dai kwafen lacca daban, littafin bita daban. Malamin da ke furta kalma 120 a minti ɗaya, kafin awa ta cika ya furta 7,200, wato shafi goma sha wani abu. A cikinsu akwai gaisuwa, da barkwanci, da faɗa da masu makara, da maimaici, sannan akwai ilimin da aka zo nema, wanda sau da yawa bai wuce shafi biyu ko uku ba. Aikin shi ne a fito da waɗannan shafuka ba tare da an canza abin da malam ya faɗa ba.

Dalilin wahalar shi ne baki da takarda ba tsarinsu ɗaya ba. Mai magana yana bin abin da ya zo masa a rai: ya fara batu, wani ya ɗaga hannu, ya kauce, bayan minti ashirin ya ce "af, na manta ban gaya muku ba". Mai bita kuwa so yake ya tarar da duk abin da ya shafi batu ɗaya a wuri ɗaya.

Kafin a taɓa komai

A ajiye kwafen asali yadda yake, a yi aiki a kan wani. Duk wanda ya fara gogewa a kan na asali, ranar da shakka ta taso ba shi da wurin komawa. Sannan a sa alamar lokaci a gefe, misali duk bayan minti biyar, ko duk inda malam ya sauya batu: 05:00, 10:00, 17:30. Wannan ɗan aiki shi ke sa a gano jimla cikin daƙiƙu maimakon a sake sauraron awa guda.

Daga nan a karanta kwafen tun daga farko har ƙarshe ana sauraron muryar. Abu uku ake farauta: sunaye, da lambobi, da wuraren da mai kwafe bai ji da kyau ba ya cike da zato. Inda murya ta dushe, a rubuta "ba a ji ba" a sa lokacin. Giɓin da aka sani ya fi cikon da aka ƙirƙira, domin giɓi za a tambayi wani ɗan aji ya cike, shi kuwa ciko haddace shi za a yi a shiga da shi jarrabawa.

Abin zubarwa da abin da ya yi kama da shi

Mu ɗauki misalin laccar tarihi a kan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ga yadda wani yanki zai iya fitowa a kwafe, a wajen minti na 17:

"To, yawwa, kun gane ko, shi Yunfa ɗin nan, wato an ce ma ya yi karatu a wurin Shehu, an ce fa. To da ya hau sarautar Gobir sai abubuwa suka, e to, suka ƙara lalacewa. Kai, na baya can, ajiye wayar nan. Shi ke nan sai aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1805, a'a, afuwan, 1804, watan Fabrairu. Ku riƙe wannan. Fabrairu 1804."

Abin zubarwa a nan a fili yake: "to", "yawwa", "kun gane ko", "wato", "e to", "shi ke nan", da tsawar da aka yi wa na baya. Babu wanda zai yi kewarsu. Shekarar 1805 ma ta tafi, tunda malam da kansa ya janye ta. Ka'idar ita ce, in mai magana ya gyara kansa, na ƙarshe ake ɗauka. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a tace lacca jimla bayan jimla kafin a karanta ta duka, domin wani gyaran sai a ƙarshen darasi yake zuwa.

Amma dubi "an ce". Kalmomi biyu ne ƙanana, har an maimaita su, kuma mai gaggawa zai share su tare da "yawwa". Da ya yi haka, sai littafinsa ya ce "Yunfa ya yi karatu a wurin Shehu", alhali malam bai tabbatar ba, riwaya ya kawo, har ya jaddada da "fa". Aikin nan kamar sheƙa ne: in iska ta yi ƙarfi, tsaba takan bi ƙaiƙayi. Kalmomin da suka fi salwanta ta wannan hanya su ne na taka-tsantsan, irin su "kusan", "galibi", "wasu masana", "a cewar wane". Da na dalili, irin su "saboda" da "shi ya sa". Da na togiya, irin su "amma" da "sai dai". Haka nan "ba" ta korewa: guda ɗaya ta faɗi daga jimla, ma'ana ta juye.

Maimaici kuma labari yake bayarwa. Malamin da ya faɗi Fabrairu 1804 sau biyu, ya ce "ku riƙe wannan", ya nuna inda zuciyarsa take. A littafin bita sau ɗaya za a rubuta, amma a sa masa tauraro ko a ja layi a ƙarƙashinsa. Misalai ma ba a zubar da su duka. In malam ya kawo uku a kan batu ɗaya, a riƙe wanda ya fi fito da batun, a taƙaita shi a layi ɗaya.

Haɗa kowane batu da 'yan'uwansa

Bayan tacewa, a bi kwafen sakin layi bayan sakin layi ana tambaya: wannan a kan me yake magana? A rubuta amsar a gefe da kalma ɗaya ko biyu. A laccarmu ta tarihi, alamomin za su iya fitowa haka: minti na 4 dalilai, na 11 sarakunan Gobir, na 17 hijira, na 26 yaƙe-yaƙe, na 38 dalilai kuma, domin wata ɗaliba ta yi tambaya malam ya koma kan dokokin Nafata, na 49 sarakuna kuma. Da an gama, sai a ga lacca mai kamar ba kai ba gindi ashe batu huɗu ce kawai ta yi ta kewayawa. Laccar awa ɗaya ba kasafai take wuce manyan batutuwa shida ba. Wanda ya samu goma sha biyar, to ƙanana ya ɗauka manya, sai ya duba waɗanda za su shiga ƙarƙashin wasu.

Sai a kwaso duk abin da ke da alama ɗaya a tara shi wuri guda, kowanne da lokacinsa a maƙale. Ga yadda ɓangare biyu za su kasance:

Matsin lamba daga Gobir
– Nafata ya hana kowa wa'azi sai Shehu, ya hana maza naɗa rawani, mata lulluɓi. 38:10
– Zamanin Yunfa saɓani ya tsananta. Riwaya: an ce ya yi karatu a wurin Shehu. 17:05

Hijira da abin da ya biyo baya
– Ɗegel zuwa Gudu, Fabrairu 1804, daidai da 1218 Hijiriyya. Malam ya jaddada. 17:40
– Mubaya'a ga Shehu a Gudu.
– Tabkin Kwatto, Yuni 1804, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo: nasara. 26:30
– Faɗuwar Alƙalawa, 1808. 33:00

Lura cewa Nafata ya zo gaban Yunfa, ko da yake a bakin malam minti 21 ya biyo bayansa. Tsarin da ilimin kansa yake da shi ake bi. A tarihi shekaru ne ke ja gaba. A darasin lafiya, matakan cuta ko dalili da alamu da magani. Inda ake kwatanta abu biyu, kamar mazhabobi ko ra'ayoyin masana, jadawali ya fi dacewa. Lura kuma da shekarun 1804 da 1218. Malaman tarihi da na addini sukan yi ta sauyawa tsakanin ƙidayar Miladiyya da ta Hijiriyya ba tare da sanarwa ba, kuma wanda bai haɗa su a layi ɗaya ba zai iya zaton aukuwa biyu ce.

Akwai haɗari ɗaya a ɗaga jimla daga mazauninta. Magana cike take da "shi", "wannan", "a lokacin". A minti na 38 "shi" Nafata ne, amma in aka ɗora jimlar ƙarƙashin wadda ke maganar Yunfa, sai laifin wani ya koma kan wani. Saboda haka kafin a matsar da kowace jimla, a mayar mata da sunan a fili.

Abin da waya ba ta ɗauka

Naɗin murya ba ya ganin allo. In kwafe ya ce "daga nan suka gangaro nan", malam taswira yake nunawa, kuma "nan" biyu ba za su amfani kowa ba bayan wata guda. A lissafi da kimiyya abin ya fi muni, domin rabin darasin a allo yake. Maganin shi ne a ɗauki hoton allo yayin darasi, ko a nemi littafin wanda ya zana. Tambayoyin ɗalibai ma sukan ɓace tunda wayar tana kusa da malam. In amsa ta fito babu tambaya, a rubuta tambayar da aka fahimta, a nuna cewa fahimta ce. Duk abin da ɗalibi ya ƙaro daga wani littafi ko daga kansa, ya rubuta da biro mai wani launi, don kada gobe ya jingina wa malam abin da bai faɗa ba. Shi naɗin kansa, da izinin malam ake yin sa, haka ma yaɗa shi.

Yadda ake gane an yi daidai

Tsayi shi ne ma'auni na farko. In kwafen shafi goma sha biyar ya koma goma sha biyu, "to" da "yawwa" kawai aka cire, ba a tace ba. In ya koma rabin shafi na kanun batutuwa zalla, an zubar da dalilai, sai sunaye da shekaru tsirara.

Ma'auni na biyu shi ne tambaya. Walter Pauk na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya yi fice da wani tsarin rubutu inda ake ware siririn fili a hagun shafi don tambayoyi, a bar wani a ƙasa don taƙaitawa. A gefen ɓangaren farko na misalinmu sai a rubuta: "Me ya kai ga hijira?" A rufe bayanin da tafin hannu a amsa da ka. In amsar ta fito da dalilanta, bita ta yi kyau. In kuwa abin da ya zo baki shekarar ce kawai, to an zubar da wani "saboda" a hanya, sai a bi alamar lokaci a koma a ɗauko shi.

A ƙarshe a zaɓi wurare uku ko huɗu a muryar ba tare da shiri ba, a saurari minti biyu a kowanne, a duba ko abin da aka ji yana cikin littafin kuma da ma'anarsa ta asali. Duk wannan ya fi sauƙi a ranar da aka yi darasin ko washegari, lokacin da ɗalibi bai manta abin da malam ya zana a allo ba, kuma yana iya tare shi a darasi na gaba ya tambayi abin da ya shige masa duhu.