Ciwon Hangum a Unguwannin Hausawan Legas: Yaɗuwarsa da Jiyyarsa

1.0 Gabatarwa

Hangum ciwo ne da ke kumbura kumatu daga gindin kunne zuwa muƙamuƙi, tare da zazzaɓi da zafin haɗiya. Wannan maƙala za ta dubi yadda yake yaɗuwa a unguwanni masu cunkoso irin su Iyana Ipaja da Zangon Agege, da yadda ake jiyyarsa, da kuma yadda ake bambanta shi da mashaƙo.

2.0 Yadda Yake Yaɗuwa

Ƙwayar cuta ta bairos ce ke kama jakar da ke samar da yawu. Tana bin yawu ta hanyar tari da atishawa, ko shan ruwa da moɗa ɗaya. Galibi sai bayan kwana 16 zuwa 18 alamu ke bayyana, wani lokaci har kwana 25. Mai ciwon yana harbin wasu tun kwana 2 kafin kumburi, har zuwa kwana 5 bayansa.

Alal misali, idan kumatun yaro suka kumbura ranar Litinin a gidan haya mai ɗakuna da yawa, to tun Asabar yake harbin 'yan ɗakinsu da abokan karatunsa na Islamiyya. Sai a killace shi har Asabar mai zuwa, a kuma sa ido a kan sauran yara na tsawon kwana 25.

3.0 Jiyya

Babu maganin da ke kashe wannan ƙwaya, don haka ampisilin da danginsa ba su da amfani. Ana ba da farasitamol don zafi, amma ba a bai wa yaro asfirin. A ba shi ruwa da abinci mai laushi, a guji tsami, irin su lemo da kunun tsamiya, domin suna tsinka yawu su ƙara raɗaɗi. Gashi da tsumma mai ɗumi yana sassautawa. Kumburin yakan saɓe cikin kwana 10.

A garzaya asibiti idan aka ga sanƙarewar wuya, ko amai, ko raguwar ji, ko kumburin maraina ga wanda ya balaga.

4.0 Bambancinsa da Mashaƙo

Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da Legas a ƙarshen 2022, shi ma yana kumbura wuya. Sai dai kumburinsa a ƙarƙashin haɓa yake, kuma akan ga wata yana mai launin toka a maƙogwaro, numfashi ya yi wuya. Wannan ba ya jiran gobe, domin yana kisa.

5.0 Kammalawa

Allurar ƙyanda da ake yi wa jarirai a wata 9 ba ta kare su daga hangum. Kariyarsa tana cikin allurar haɗaka ta ƙyanda da hangum da rubela, wadda ake yi sau 2.