Kwanan watan da kwamfuta ba ta ɗauka kwanan wata ba

A 'yan shekarun nan littattafan lissafi da yawa sun bar takarda sun koma Excel. Shagunan sari, makarantu, ƙungiyoyin adashe da ɗakunan shan magani duk sun bi wannan hanya, kuma sau da yawa fayil ɗaya hannu uku ko huɗu ne ke cika shi. Wani yana bugawa a kwamfutar ofis, wani a wayarsa, wani kuma yana kwafo bayanan banki ko na na'urar cire kuɗi ya liƙa. A wajen kwanan wata ne wannan taron hannu ya fi barin ɓarna. Sai ƙarshen wata ya zo, a nemi jera ciniki daga na farko zuwa na ƙarshe ko a tara shi wata-wata, a ga lissafi ya ƙi fita.

Tushen matsalar shi ne yadda Excel yake riƙe kwanan wata. A wurinsa kwanan wata lamba ce kawai da ake ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1900, wadda ita ce lamba 1. Ranar 1 ga Janairu 2024 ita ce 45292, ranar 3 ga Afrilu na wannan shekara kuma 45385. Abin da ido yake gani a akwati riga ce aka sa wa lambar. Idan aka buga wani abu Excel ya gane shi, sai ya mai da shi lamba. Idan bai gane ba, sai ya ajiye shi a matsayin rubutu, daidai da sunan mutum ko na gari. Rubutu kuwa harafi-harafi ake jera shi daga hagu, shi ya sa 01/12/2024 yake zuwa gaban 02/01/2023, duk da kusan shekara biyu da ke tsakaninsu.

Abin da ke yanke wa Excel hukuncin ganewa ko rashin ganewa shi ne saitin ƙasa na kwamfutar. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. A Amurka wata ne a gaba. Kwamfutoci da yawa da ke hannun mutanenmu suna kan English (United States) tun daga ranar da aka saye su, ba wanda ya taɓa wajen. Mai shago yana rubuta rana a gaba, kwamfutarsa tana karanta wata a gaba.

Mu ɗauki misalin mai sayar da taki da ya yi ciniki biyar, dukansu a watan Afrilu 2024, aka shigar da su a irin wannan kwamfuta:

```
A            B
03/04/2024   40000
15/04/2024   25000
2024-04-09   10000
7 Afrilu 2024  15000
22.04.24     30000
```

Jimla naira 120,000 ke nan. Na biyu ya zama rubutu, domin babu wata na 15. Na huɗu ma rubutu ne, tunda Excel na Turanci bai san kalmar Afrilu ba. Na biyar ya bi sahunsu saboda ɗigon da aka raba lambobin da shi. Na uku ya shiga lafiya a matsayin 9 ga Afrilu. Na farko kuwa Excel ya karɓe shi ba gardama, amma a matsayin 4 ga Maris, wato 45355 a maimakon 45385. Idan aka nemi jimlar Afrilu da SUMIFS, naira 10,000 za a gani. Naira 40,000 ta koma Maris, naira 70,000 kuma ba ta cikin kowane wata. Idan PivotTable aka yi, aka nemi ya haɗa kwanakin wata-wata, sai ya ƙi ya ce "Cannot group that selection", saboda rubutun da ke gauraye a ciki.

A nan ne nake ganin mutane suke karkata hankali inda bai fi muhimmanci ba. Kwanakin da suka tsaya rubutu su ne masu tayar da hayaniya, su ake gani, su ake bi a gyara. Amma ba su ɓata ba, domin abin da aka buga yana nan yadda yake. Wanda ya ɓaci shi ne na farkon, wanda ya zauna shiru yana kama da mai lafiya. Kuma ba tsautsayin rana ɗaya ba ne. Duk ranar da ta faɗo tsakanin 1 da 12 ga wata za ta iya wucewa a matsayin lambar wata. A shekara mai kwana 365 irin waɗannan ranaku 144 ne. Cikinsu 12 ba sa cutuwa, irin su 05/05, tunda ko an juya su ba sa canzawa. Saura 132 suna musanya rana da wata, sauran 221 kuma su tsaya rubutu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na shekara ke nan yake iya komawa watan da ba nasa ba, ba tare da wata alamar kuskure ta fito a allo ba.

Saboda haka bincike ya kamata ya riga gyara. Alama ta farko ido ne yake ganinta: idan ba a taɓa saitin akwatunan ba, lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Wadda ta fi wannan tabbas ita ce a mai da layin kwanakin zuwa General. Kwanakin gaske za su koma lambobi irin su 45355, rubutu kuwa ba zai motsa ba. Wannan gwaji yana kuma nuna dalilin da ya sa shiga Format Cells a zaɓi Date ba ya maganin komai: rigar kawai yake canzawa, ba ya mai da rubutu lamba. Sai a buɗe sabon layi a gefe a tambayi kowane akwati:

```
=ISNUMBER(A2)
```

Daga nan a duba waɗanda suka ba da TRUE. Idan a cikin ɗaruruwan layuka babu ko ɗaya da ranarsa ta haura 12, alhali waɗanda suka tsaya rubutu duk daga 13 suke zuwa sama, to an juya su. Haka nan idan aka ga ciniki a watan da bai kama ba tukuna.

Hanyar gyara mafi tsabta ita ce komawa asali. Idan bayanan daga fayil ɗin CSV suka zo, kada a buɗe shi da danna shi sau biyu, domin a wannan lokacin ne Excel yake yin hasashensa. A bi ta Data, a zaɓi From Text/CSV, sannan Transform Data. A cikin Power Query a cire matakin Changed Type da ya sa da kansa, sannan a kan layin kwanakin a zaɓi Change Type, Using Locale, a sa Date da English (United Kingdom). Ta haka an gaya masa tun farko cewa rana ce a gaba.

Idan asalin ya ɓata, sai gyaran hannu, rukuni-rukuni, a sabon layi, tsohon kuma a bar shi yadda yake a matsayin shaida. Rubutu mai siffar 15/04/2024 ana yanka shi gida uku a sake ɗinke shi:

```
=DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2))
```

Wannan fomula tana aiki ne kawai idan haruffan goma ne cif. Idan aka ja ta a kan 22.04.24, haruffa huɗun ƙarshe su ne 4.24, sai ta ba da 22 ga Afrilu 1904 ba tare da ta koka ba. Masu shekara lamba biyu nasu dabam:

```
=DATE(2000+RIGHT(A2,2),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2))
```

Masu sunan wata da Hausa ko Faransanci sai a kwafe su zuwa sabon layi a musanya sunan da Find and Replace, Afrilu ya koma Apr, sannan DATEVALUE ta karanta abin da bai juye da kansa ba. Abin da aka kwafo daga shafin banki kan zo da ɓoyayyen gurbi a gaba ko a baya, wanda TRIM take sharewa, in ya ƙi kuma a cire CHAR(160) da SUBSTITUTE. Akwai kuma Text to Columns, inda ake zaɓar Date da DMY a mataki na uku. Yana da sauri, amma idan ba a canza Destination ba a kan tsohon layin yake aiki, kuma da zarar komai ya jingina dama an rasa alamar da ke bambanta wanda aka juya da wanda ba a juya ba. Shi ya sa ban yarda a taɓa shi kafin a yi wa kowane layi shaida ba.

Saura waɗanda aka juya. Mai da su abu ne mai sauƙi:

```
=DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2))
```

Wahalar tana wajen sanin wanda za a yi wa. A misalinmu akwatuna biyu ne lambobi, na farko da na uku. Na farko yana buƙatar juyawa. Na uku daidai yake, kuma idan aka ja fomular ta hau kansa, 9 ga Afrilu zai koma 4 ga Satumba. Ga Excel dukansu lambobi ne masu kyau, babu fomular da za ta raba su. Mutum ne zai raba su, da lambar rasit, da layukan da ke sama da ƙasa, da sanin wanda ya shigar da kowane rukuni da na'urar da ya yi aiki da ita. Inda duk waɗannan suka gaza, a ɗauko littafin takarda. Layin da ba a samu tabbacinsa ba a ware shi da alama, kada a cusa shi cikin wani wata da ka.

Makarantun Islamiyya da ke rubuta kwanan Hijira su lura da abu ɗaya: DATE tana ƙara 1900 a kan duk shekarar da ba ta kai 1900 ba, don haka 1445 za ta koma 3345. Kwanan Hijira a ba shi layinsa dabam.

Bayan gyara sai a gwada. Adadin da COUNT ta bayar a sabon layi ya zama daidai da wanda COUNTA ta bayar a tsoho, MIN da MAX su faɗo cikin lokacin da aka yi cinikin, jimlar watanni kuma ta dawo naira 120,000 ɗin nan. Wajen haɗawa wata-wata, kada a rubuta sunan wata da hannu, domin za a jera su Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, kuma Afrilun bana zai haɗu da na bara. A mai da kowace rana zuwa ɗaya ga watanta, a sa mata siffar mmm yyyy:

```
=DATE(YEAR(C2),MONTH(C2),1)
```

Duk wannan aiki zai sake dawowa wata mai zuwa muddin ba a toshe ƙofar ba. A shiga Region a kowace kwamfutar da ke taɓa fayil ɗin a sa English (Nigeria) ko English (United Kingdom). A ɗora Data Validation na Date a kan layin, domin ya ƙi karɓar rubutu tun daga wajen bugawa, ko da yake abin da aka kwafo aka liƙa yana iya tsallake shi. Sannan masu shigar da bayanai su yarda da siffa ɗaya. Ni wadda nake ba da shawara ita ce ta ISO 8601, da aka fara fitarwa a 1988: shekara, wata, rana, kamar 2024-04-09. Ita ce a cikin biyar ɗin nan ta shiga daidai, kuma ko ta tsaya a matsayin rubutu tana jeruwa yadda kwanaki suke bin juna. Mai karatu da ke riƙe da irin wannan fayil, kafin ka miƙa rahoton wannan wata, ka mai da layin kwanakinka zuwa General ka ga nawa ne suka koma lamba.