Idan Baƙin Ɗan Haya Suka Zarce Makonni: Me Mai Gida Zai Ce?

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ana sa ran zai kwana biyu ya wuce. Amma a gidan haya na haɗaka, baƙon da ya shafe wata guda ya zama mazauni, kuma maƙwabta ne ke fara ji a jikinsu.

A ce magidanci ya kama ɗaki da falo, shi da matarsa da yara biyu. 'Yan uwa uku suka zo daga ƙauye ganin likita, har mako biyar ba su koma ba. Kuɗin wuta da na ruwa da ɗaki-ɗaki ake raba su, don haka mutum bakwai na biyan abin da gwauron ɗakin kusa ke biya shi kaɗai. Layin banɗaki ya ƙaru da asuba, shadda na cika da wuri. Tsegumi daga nan yake farawa.

Kuskuren masu gida da yawa shi ne su tsaya a tsakar gida suna faɗa a gaban baƙin. Wannan tozarci ne, kuma ba ya barin wata shaida. Gara a kira ɗan hayar gefe, sannan a bi shi da rubutaccen saƙo mai kwanan wata, kamar haka:

"Assalamu alaikum Malam. Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Yarjejeniyarmu ta mutum huɗu ce, kuma baƙo ba zai wuce mako biyu ba sai da sanina. Yanzu ku bakwai ne tun farkon watan jiya. Don Allah ka sanar da ni ranar tafiyarsu kafin Juma'a. In jinya za ta ja, mu zauna mu daidaita kuɗin wuta da ruwa."

Sai dai ƙarfin saƙon yana ga takardar haya. In ba a rubuta adadin mazauna tun ranar karɓar makulli ba, mai gida ba zai ƙirƙiro doka a tsakiyar shekara ya ce an karya ta ba. Roƙo da sulhu ne suka rage masa, ko ya saka sharaɗin lokacin sabunta haya.

Ko da ɗan haya ya yi kunnen uwar shegu, cire ƙofa, yanke wuta ko watso kaya waje ɗaukar doka a hannu ne. Ana fara kai magana wurin dillali ko mai unguwa, sannan notis. A dokar Abuja, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida, sannan na kwana bakwai kafin a je kotu. Kowace jiha da tata dokar, a tambayi lauya.

Kai kuma ɗan haya, in ka san baƙinka za su daɗe, je ka faɗa wa mai gida da bakinka tun a makon farko.