Yadda ake sake rubuta alƙaluma domin mai sauraron rediyo: darasi daga Jihar Filato

Mai karanta jarida yana iya tsayawa a kan lamba, ya dube ta sau biyu, ya kwatanta ta da wadda ke samanta. Mai sauraron rediyo ba shi da wannan dama, domin magana sau ɗaya take wucewa. Saboda haka rahoton da aka rubuta domin ido ba ya dacewa da bakin mai karanta labarai sai an sake masa zubi. Ƙa'idar da editoci ke bi a ɗakunan labarai, ciki har da na Jos inda gidan Rediyo da Talabijin na Jihar Filato da tashar Highland FM ta Rediyon Najeriya suke, ta tsaya a kan abu biyu: a taƙaita adadi zuwa wanda kunne zai riƙe, kuma kada jimla ta ɗauki lamba fiye da ɗaya.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 misali ce mai kyau. Sakamakon ƙarshe da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta fitar ya nuna Jihar Filato tana da mutum 3,206,531. A takarda lambobi bakwai ne kawai. A bakin Bahaushe kuwa sai an ce "miliyan uku da dubu ɗari biyu da shida da ɗari biyar da talatin da ɗaya", wato kalmomi 15. Kafin mai karatu ya kai ƙarshen adadin, mai sauraro ya manta da farkonsa, kuma abin da ya fi tsaya masa a kunne shi ne "talatin da ɗaya", ɓangaren da ya fi kowanne rashin muhimmanci.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi Hausa kanta. Idan aka ce "dubu ɗari biyu da shida", wani zai fahimci 206,000, wani kuma 200,006, domin babu abin da ya nuna ko shidan tana cikin dubbai ko ita kaɗai take. Wasu masu karatu kan maimaita kalmar, su ce "dubu ɗari biyu da dubu shida", abin da ke kawar da ruɗani amma yana ƙara tsawon magana. Mafita mafi sauƙi ita ce a yanke wutsiyar, a ce "mutum miliyan uku da dubu ɗari biyu".

Ga yadda rahoton zai zo domin bugawa: "Ƙidayar 2006 ta nuna Filato na da mutum 3,206,531, maza 1,598,998 da mata 1,607,533, a ƙananan hukumomi 17, daga cikin mutum 140,431,790 na ƙasa baki ɗaya." Jimla ɗaya ce ɗauke da lambobi shida, idan aka haɗa da shekarar.

Editan rediyo zai fara da tambayar kansa wace lamba ce labarin, sauran kuma ya mayar da su kalmomi ko ya ajiye su. Zai iya rubuta: "A ƙidayar da aka yi ta ƙarshe, an samu mutum sama da miliyan uku a Jihar Filato. Mata sun ɗan ɗara maza yawa. Wannan na nufin cikin kowane mutum ɗari na Najeriya, kimanin biyu a Filato suke." An ajiye yawan ƙananan hukumomi domin ba shi ne batun ba. An maye gurbin adadin maza da na mata da bayani, saboda idan aka taƙaita su duka biyun za su koma miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, bambancin mutum 8,535 da ke tsakaninsu ya ɓace. Kason jihar kuwa, wanda lissafi ya ba da kashi 2.3 cikin ɗari, ya zama mutum biyu da za a iya hangowa a zuci.

Kalmar da ke gaban adadi tana da nata aiki, kuma a nan ake yawan yin kuskure. "Sama da" ana amfani da ita ne idan an rage adadin gaskiya ƙasa. "Kusan" tana nufin an ɗaga shi sama, bai kai ba tukuna. "Kimanin" tana karɓar kowane ɓangare. Wanda ya ce Filato na da "kusan miliyan uku" ya rage wa jihar mutum fiye da dubu 200 ba tare da ya sani ba.

Taƙaitawa tana da iyaka, kuma zaɓen gwamnan Filato na ranar 18 ga Maris, 2023 ya nuna inda iyakar take. Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa ta bayyana cewa Caleb Mutfwang na jam'iyyar PDP ya samu ƙuri'a 525,299, yayin da Nentawe Yilwatda na APC ya samu 481,370. Idan edita ya taƙaita kowanne zuwa dubu ɗari mafi kusa, dukansu biyu za su koma "kimanin rabin miliyan". Babu ƙarya a kowace jimla, amma mai sauraro zai tashi da tunanin an yi kunnen doki, alhali labarin gaba ɗaya a kan tazarar yake.

A irin wannan hali sai edita ya yi lissafin da kansa, kada ya bar wa mai sauraro. Tazarar ƙuri'a 43,929 ce. Rubutun rediyo zai kasance: "Caleb Mutfwang na PDP ya lashe zaɓen da ƙuri'a sama da dubu 525. Nentawe Yilwatda na APC ya biyo baya da ƙuri'a sama da dubu 481. Tazarar da ke tsakaninsu ta kusan kai ƙuri'a dubu 44." Kowace jimla suna ɗaya ce da lamba ɗaya, kuma sunan ya riga lambar zuwa, don mai sauraro ya san ta wa yake jira.

Ya kamata a lura da dalilin barin 481 yadda take. Da an mayar da ita 480, wanda ya cire ta daga 525 zai samu 45, sai ya ji gidan rediyo ya ce 44, ya fara zargin an taɓa alƙaluman. Don haka lambobin da ake kwatantawa dole a yanke su a mataki ɗaya, sannan a gwada ko sun dace da juna bayan yankewar.

Akwai alƙaluman da ba a taɓa su ko kaɗan. Lokacin da ake sanar da sakamakon zaɓe a hukumance, cikakken adadi ake karantawa a hankali, taƙaitaccen kuma ya zo a labaran da ke biyo baya. Haka farashin da hukuma ta ƙayyade, da ranar rufe rajista, da lambar wayar neman agaji. Mafi nauyi shi ne adadin waɗanda suka rasa rayukansu. A jihar da ta sha fama da rikice-rikice kamar Filato, ɗaga adadin mamata zuwa lamba mai sauƙin faɗa yana iya zama ingiza jama'a. A faɗi adadin yadda majiya ta bayar, a ambaci majiyar kafin adadin, kuma idan majiyoyi biyu sun saɓa, kowace ta samu jimlarta daban.

Gwajin ƙarshe ba ya buƙatar na'ura. Edita ya karanta rubutun da babbar murya ga abokin aikin da bai gan shi ba, sannan ya nemi ya maimaita abin da ya ji. Idan ya dawo da babbar lambar da kuma wanda ta shafa, rubutun ya isa shiga situdiyo. Idan ya haɗa adadin wani da sunan wani, ko ya riƙe wutsiyar lamba ya saki kanta, to akwai jimlar da take buƙatar a raba ta biyu, ko lambar da ya kamata a bar wa shafin intanet, inda mai neman cikakken adadi zai same shi a rubuce.