Maƙoƙo Da Gishirin Miya

Maigida, ka taɓa ganin mace da kumburi a gaban wuya? Shi ne maƙoƙo. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yawanci rashin wani sinadari ne a abinci, sunansa aidin.

A gaban maƙogwaron kowa akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tayirod. Ita ke tsotso aidin daga jini, ta haɗa wani ruwa mai tafiyar da girman jiki da na ƙwaƙwalwa. In aidin ya yi ƙaranci sai ta yi ta ƙara girma don ta kamo ɗan abin da ke akwai. Girman nan shi ne kumburin da kake gani.

Amma babbar hasara ba a wuya take ba. A watannin farko na ciki, ɗan tayi ba shi iya haɗa ruwan nan da kansa, da na uwa ya dogara. In uwa ta rasa aidin, ƙwaƙwalwarsa ba ta ginuwa sosai. Wani cikin ya zube. Wani yaron a haife shi kurma, ko wada, ko dolo. Mafi yawa kuwa lafiya lau za ka gan su, sai an sa su makaranta a ga karatu ya ƙi shiga. Ɓarnar da ta auku a ciki ba ta gyaruwa daga baya. Don haka tun kafin mace ta ɗauki ciki ya kamata ta riƙa samunsa.

Aidin ɗin da mutum ke bukata duk tsawon ransa bai fi cikin ƙaramin cokali ba, sai dai kullum ake sonsa. A wurare da yawa ruwan sama ya wanke shi daga ƙasa, hatsin da aka noma can ba shi da isasshe. Shi ya sa tun 1993 Gwamnatin Nijeriya ta wajabta zuba shi cikin gishirin ci.

To, ga abin da za ka yi. Sayi gishirin da ke cikin ledarsa a rufe, ka sa ɗan makaranta ya karanta maka ko an rubuta akwai aidin. Manda da kantu ba a zuba musu shi ba. In kana shakka, malamin asibiti yana da wani ruwan gwaji: in ya ɗiga a kan gishiri mai aidin, sai ya koma shuɗi.

Uwargida, zuba gishirinki cikin gwangwani mai murfi, nesa da murhu da rana da laima, gama su ke rage aidin. Kada ki ƙara yawansa a miya, ɗan wanda kika saba ya isa. Rogo mai ɗaci kuwa a jiƙa shi sosai, don ɗacinsa na hana tsokar nan kama aidin.

Maƙoƙon da ya daɗe ya yi girma, gishiri ba ya narkar da shi. Kada a yi masa tsaga ko sakiya. A kai mai shi asibiti, balle in haɗiya ko numfashi na yi masa wuya.